Kaya a gefe, fili ga kanu: yadda ake ba da odar babban hoton saman shafin intanet

Duk wanda ya buɗe shafin intanet na wani shago ko kamfani, abin da zai fara cin karo da shi shi ne wani faffaɗan hoto da ya mamaye saman shafin daga wannan gefe zuwa wancan. Galibi kayan sayarwa na tsaye a gefe ɗaya, ko takalmi ne, ko kwalbar turare, ko waya. Ɗaya gefen kuma ba komai a cikinsa sai launi, a kansa aka rubuta gajeren kanu, ƙarƙashin kanun ga maɓallin da za a danna a yi ciniki. Mai kallo zai ɗauka aiki ne mai sauƙi: a ɗauki hoto, a ɗora rubutu. Amma masu gina shafuka sun san cewa wannan hoton yana cikin abubuwan da suka fi jawo a koma a sake aiki, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum. Mai kaya yakan ce wa mai hoto, "Malam, ka ɗaukar mini hoto mai kyau," shi kuma ya ɗauko mai kyau ɗin, kaya a tsakiya, sun cika hoton. Sai an zo ɗora kanu a tarar babu inda zai zauna.

Filin da aka bari fayau a gefen kayan, abu ne da ake ba da odarsa kamar yadda ake ba da odar hoton kayan kansu. Yana da faɗi, yana da tsawo, yana da launi, kuma akwai abubuwan da aka hana su shiga cikinsa. Yadda tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya rubuta awo, haka bai kamata a taɓa kyamara ba sai an rubuta wannan awon a takarda. Domin a ga yadda abin yake, mu ɗauki misalin wata mai sayar da zuma a kwalabe, wadda take son shafinta ya buɗe da kwalbar zuma a dama, kanu a hagu.

Kanu ake fara rubutawa

Girman fili ya dogara ne da abin da za a zuba a cikinsa, saboda haka rubutu ne farkon aiki. A ce kanun mai zumar shi ne "Zuma zalla daga amya zuwa gidanka". Idan aka ƙirga haruffansa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, za a samu 33. Ƙarƙashinsa za a sa ɗan bayani na layi biyu, sannan maɓalli mai cewa "Yi oda".

Ana auna komai na fuskar kwamfuta da waya da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su ba da hoto. Ƙananan kwamfutocin cinya da yawa faɗin fuskarsu fiksel 1366 ne. Idan aka ware wa rubutu kashi 55 cikin ɗari na wannan faɗin, an samu kusan fiksel 750. A cire ɗan sarari daga bakin hagu, a cire wani kuma don kada rubutu ya manne wa kwalba, abin da zai rage wajen 600 ne. Masu zane suna da wani ƙiyasi mai sauƙi: faɗin harafi ɗaya, a matsakaici, ya kai rabin girman da aka ba haruffan. Kanu mai girman fiksel 48 zai ci kusan 24 a kowane harafi, ke nan layi ɗaya zai ɗauki haruffa 25. Kanun zumar zai zauna a layi biyu. Idan aka haɗa shi da ɗan bayanin da maɓallin da sararin da ke tsakaninsu, tsawon rubutun duka zai kai kimanin fiksel 270.

Wannan lissafin ne yake gaya wa mai hoto iyakar filin da zai bari. Kuma yana da kyau a bar wurin layi na uku, domin kanu yakan canja. Da azumi za a so wani kanun, da sallah wani, kuma ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram zai iya buƙatar shafin ya fito da Hausa da Faransanci, alhali jimla ɗaya ba ta zama da tsawo ɗaya a harsuna biyu.

Gefen da za a ajiye kaya ma yana da dalili. Boko daga hagu ake karanta shi, don haka ido daga hagu yake farawa. Shi ya sa aka saba sa kanu a hagu, kaya a dama: mutum ya karanta alkawarin da aka yi masa, sannan idonsa ya sauka a kan abin da ake magana a kai. Idan shafin zai fito da Larabci ko ajami, lamarin ya juye, kanu ya koma dama. A nan wasu sukan juya hoton kawai kamar a madubi, sai rubutun da ke jikin kwalbar ya koma baibai. Wanda ya san zai buƙaci gefe biyu, ya faɗa tun ran gini, tun ran zane, a ɗauki hoto biyu a zama ɗaya.

Hoton ba ya zama yadda aka ɗauke shi

Abin da ya raba hoton shafi da na kalanda ko allon talla shi ne, na kalanda girmansa ɗaya ne har ya tsufa, na shafi kuwa kowace na'ura da yadda take nuna shi. Mai gina shafi yakan ware wa hoton akwati, ya umarci burauza ta cika akwatin da hoton ba tare da ta miƙe shi ko ta matse shi ba. Umarnin da ake rubutawa shi ne `object-fit: cover`. Ma'anarsa ita ce a faɗaɗa ko a rage hoton har ya rufe akwatin duka, abin da ya yi rara a yanke shi. Wannan yankan shi ne tushen yawancin matsalolin.

A ce an ba da odar hoto mai faɗin fiksel 2400 da tsawon 1000. Daga bakin hagu zuwa fiksel na 1320 fili ne fayau. Kwalbar da cokalin katakonta suna tsaye tsakanin fiksel na 1500 da na 2100, an kuma bar sarari na 150 a samanta da 150 a ƙasanta.

A babbar kwamfuta mai faɗin 1920, inda aka ba akwatin tsawon 640, burauza za ta rage hoton ya dace da faɗin. Tsawonsa zai koma 800, ya fi akwatin da 160, sai a yanke rabi a sama rabi a ƙasa. A awon hoton na asali, fiksel 100 ke nan suka tafi daga sama, 100 daga ƙasa. Kwalbar ta tsira, domin sararin da aka bar mata 150 ne. Da mai hoto ya cika hoton da kwalbar daga sama har ƙasa, kamar yadda aka saba yi a hoton talla, da murfinta ya tafi, gindinta ma ya tafi.

A waya kuwa lamarin ya fi muni. Wayoyi da yawa faɗin shafinsu a wurin burauza 360 ne. Idan akwatin yana da tsawon 500, dole a rage hoton zuwa rabi don ya cika tsawon, sai faɗinsa ya koma 1200. Daga cikin wannan, 360 kawai za a gani, wato ƙasa da sulusi. Idan ba a ba da wani umarni ba, burauza tsakiyar hoto take nunawa, daga fiksel na 840 zuwa na 1560 a awon asali. Kwalbar kuwa sai a 1500 ta fara. Mai waya zai ga fili fayau da ɗan gefen gilashi a bakin dama, zumar da aka kashe kuɗi aka ɗauka ta ɓace.

Ana iya gaya wa burauza ta karkata yankan zuwa inda kayan suke, da umarnin `object-position`, kuma masu amfani da WordPress suna samun irin wannan a sashen `Cover`, inda ake nuna ɗigon da ake so ya zauna a fili ko yaya aka yanka. Sai dai a waya wannan rabin magani ne. Idan aka karkata zuwa kwalba, ita za ta cika fuskar, filin kanu ya tafi, rubutu ya hau kan lakabin kwalbar. Fuskar da take a tsaye ba ta da faɗin da za ta jera kaya da kanu gefe da gefe.

Waya hotonta daban

Mafita ita ce a ba da odar hoto na biyu, tsayayye, na waya kaɗai. Awo mai kyau shi ne faɗi 1080, tsawo 1350. A nan ba maganar hagu da dama, sai sama da ƙasa: kwalba a ƙasa, ta ɗauki ɗan fiye da rabin hoton, sama kuma fili. A waya mai faɗin 360 hoton zai tashi da tsawon 450, filin saman ya kai kusan 200. Kanu mai girman 28 zai shiga a layi biyu, maɓalli ya biyo, ɗan bayanin kuma a sauko da shi ƙasan hoton.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa hoton zai kai 1080 alhali faɗin wayar 360 ne. Dalilin shi ne fuskar wayoyin zamani tana cusa ɗigo biyu ko uku na gaske a wurin da burauza take ƙirga ɗaya. Hoton da aka yi shi daidai 360 zai fito dishi-dishi, rubutun lakabi ba zai karantu ba. Ninki uku na 360 shi ne 1080.

Mai gina shafi zai haɗa hotunan biyu ta yadda kowace na'ura za ta sauke nata kaɗai:

```html
<picture>
  <source media="(max-width: 800px)" srcset="zuma-waya.webp"
          width="1080" height="1350">
  <img src="zuma-babba.webp" width="2400" height="1000"
       alt="Kwalbar zuma da cokalin katako" fetchpriority="high">
</picture>
```

Mai kaya ba sai ya iya rubuta wannan ba. Abin da ya kamata ya sani shi ne, duk na'urar da faɗinta bai wuce 800 ba za ta karɓi tsayayyen hoton, sauran su karɓi kwantacce. Ga ɗan kasuwar da masu sayensa daga WhatsApp ko Instagram suke danno adireshin shafinsa, hoton wayar shi ne wanda za a fi gani. Shi ya fi cancanta a fara tsarawa, na kwamfuta ya biyo baya.

Abin da ake nufi da fili fayau

Mai hoto yana iya matsar da kwalba dama ya ce ya bar fili, alhali a filin akwai saƙar tabarma, ko layin da tebur ya haɗu da bango, ko inuwar kwalbar ta miƙe ta ratsa shi. Duk waɗannan suna gogayya da rubutu. Harafin da rabinsa ya faɗa kan haske rabinsa kan duhu ba ya karantuwa, kowane launi aka ba shi. Saboda haka a takardar oda a rubuta cewa filin launi ɗaya ne, ba zane, ba layi, ba inuwa.

Hanyar samun haka ba ta da tsada. Ana shimfiɗa babbar takarda ko kwali mai launi ɗaya a kan tebur, a lanƙwasa ta ta hau bango a hankali ba tare da an karya ta ba, sai layin da ke tsakanin tebur da bango ya ɓace. Haske kuma ya fito daga gefen da filin yake, wato hagu, don inuwar kwalbar ta faɗi dama, nesa da rubutu. Kwalbar gilashi ba ta son filashin kyamara kai tsaye, domin yana barin farin tabo a kan lakabi. Hasken taga da aka tare da farin ƙyalle mara kauri ya fi dacewa, kuma idan ya ɗan fito ta bayan kwalbar yakan ratsa zumar ya nuna launinta. Cokali ko duk wani abu mai tsini ya fuskanci wajen kanu, domin ido yana bin inda abu ya nuna. Idan akwai mutum a hoton, shi ma ya kalli wajen rubutun, kada ya juya masa baya.

Mai hoto ya ja baya ya ɗauka da faɗi fiye da abin da ake buƙata. Yanke rara abu ne mai sauƙi, ƙirƙiro filin da ba a ɗauka ba kuwa aiki ne, kuma sau da yawa wurin haɗin yana nunawa. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai faɗin kusan 4000, wanda ya ishi a yanko 2400 daga cikinsa.

Sai maganar launi, wadda ba a barinta ga "ya yi kyau" ko "bai yi ba", domin tana da ma'auni. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idar WCAG 2.0 a 2008, kuma a ciki an ƙayyade bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21 da 1. Rubutu na yau da kullum yana buƙatar aƙalla 4.5 da 1, manyan haruffa irin na kanu kuma 3 da 1. A ce an zaɓa wa filin zumar launin madara mai ɗan ja, wanda lambarsa `#F6EBD9`. Rubutu mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, `#3B2412`, zai ba da kusan 12 da 1, ya wuce abin da ake nema nesa. Amma idan mai zumar ta ce a rubuta kanun da ruwan zuma, irin `#E0A526`, don ya dace da kayan, bambancin ba zai kai 2 da 1 ba. A cikin ɗaki za a iya ƙoƙartawa a karanta, a tsakar rana a bakin kasuwa kuwa rubutun zai narke cikin filin. Akwai shafuka na kyauta, kamar WebAIM Contrast Checker, inda ake zuba lambobin biyu a ga sakamako nan take. Amfanin rubuta lambar launi a takardar oda shi ne, "ruwan madara" na mai hoto da na mai gina shafi ba lalle su zama ɗaya ba, lamba kuwa ba ta da fassara biyu.

Kada a manna rubutu a jikin hoto

Masu zanen fosta sun saba miƙa aiki da rubutunsa a manne, hoto da kanu fayil ɗaya. A shafin intanet wannan kuskure ne. Kanun ya kamata ya zama rubutu na gaske da aka ɗora a kan hoton, wanda za a iya shafawa a sake. Idan a manne yake, duk yankan da ya samu hoton zai same shi, a wayi gari "Zuma zalla" ta koma "ma zalla". Manhajar da take karanta wa makafi shafi ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto, injin bincike ma bai fi gane shi ba. Kuma duk ranar da aka so canja kalma ɗaya sai an koma wurin mai zane an biya.

Ga mai rubuta Hausa akwai ƙarin abin lura. Ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, haka ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar. Idan salon da aka zaɓa ba shi da su, burauza za ta aro su daga wani salon, sai a ga ƙ ɗaya siririya a tsakiyar manyan haruffa masu kauri, ko kuma ɗan akwati a madadinta. A kanu mai girman 48 wannan aibin ba ya ɓuya. Noto Sans na Google da Andika na SIL suna cikin waɗanda suke da haruffan. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: kafin a amince da salo, a rubuta "Ƙasa, Ɗaki, Ɓera, ƙarfi, ɗanɗano, ɓawo" a cikinsa, a duba manya da ƙanana.

Nauyin fayil

Hoton da ya fito daga kyamara yana iya kai megabait 3 ko fiye. A layin da yake sauke megabit 2 a daƙiƙa, wanda ba baƙon abu ba ne inda sabis yake da rauni, wannan hoton zai ɗauki daƙiƙa 12 kafin ya gama buɗewa. Idan aka matse shi zuwa kilobait 200, bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Google, a ma'aunan da ya fitar a 2020 masu suna Core Web Vitals, ya ce abu mafi girma a fuskar farko ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma a shafi irin na mai zuma wannan hoton ne abu mafi girma. Ban da jinkiri, datar mai saye ce ake ci.

Iyaka mai ma'ana ita ce kada na kwamfuta ya wuce kilobait 250, na waya kuma 120. Filin fayau yana taimakawa a nan, domin launi ɗaya yana matsuwa ƙwarai, ba kamar tabarma ko ganye ba. Nau'in fayil na WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yakan ba da hoto mai kyau da nauyi ƙasa da na JPEG, kuma manyan burauzoji duka suna buɗe shi a yau. Ana iya matse hoto kyauta a shafin Squoosh, ana kallon na asali da matsattse gefe da gefe. Alamar an wuce gona da iri biyu ce: filin ya fara nuna zobe-zobe ko matakai a inda launi ya kamata ya sulale, ko kuma gefen haruffan lakabi ya yi ƙura. Da an ga haka a ɗan sassauta.

Abubuwa biyu ƙanana sukan lalata aiki bayan an gama shi. Na farko, masu zanen da suka saba da aikin ɗab'i sukan adana fayil a tsarin launi na CMYK, wanda na injin buga takarda ne. A fuskar waya launin yakan fito daban, zuma ta koma wani abu. A rubuta `sRGB` a takardar oda. Na biyu, WhatsApp yana matse hoton da aka tura a matsayin hoto, ya rage masa girma. Mai hoto ya tura shi ta `Document`, ko ta imel, don ya iso yadda yake.

Wata hanya kuma

Akwai hanyar da ta fi jure canjin na'urori. Maimakon hoto ɗaya mai ɗauke da kaya da fili, sai a yanko kwalbar ita kaɗai, a cire abin da ke bayanta, a adana ta a PNG ko WebP mai baya fayau kamar gilashi. Mai gina shafi ya zuba launin filin da lamba, ya raba akwatin gida biyu, rubutu a ɗaya, kwalba a ɗaya. A waya gidajen sukan hau kan juna da kansu, ba a yanke komai, kuma fayil ɗaya ya wadatar. Ta dace da kaya masu tsabtataccen gefe, kamar takalmi, kwali ko gwangwani. Iyakarta ita ce abin da haske yake ratsawa, irin gilashi da hayaƙin turaren wuta, da abin da yake da gashi ko zare-zare, domin yanko su yana da wuya kuma gefensu yakan nuna. Kayan da aka yanko ba tare da inuwa ba kuma sukan zama kamar suna shawagi, don haka a nemi a bar 'yar inuwa mai laushi a ƙarƙashinsu.

Takardar oda

Idan aka tattara duka, saƙon da mai zumar za ta aika wa mai hoto bai wuce haka ba:

"Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Hotuna biyu nake so na kwalbar zuma, don saman shafina. Na farko kwantacce, faɗi 2400, tsawo 1000. Kwalba da cokali su tsaya a dama, tsakanin 1500 da 2100, a bar 150 a sama da ƙasa. Daga hagu zuwa 1320 kada komai ya shiga, ko inuwa. Na biyu tsayayye, 1080 da 1350, kwalba a ƙasa, kashi 45 na sama fili. Launin baya ya zo kusa da `#F6EBD9`. Haske daga hagu, lakabi ya fuskanci kyamara ya karantu. Don Allah kada a sa rubutu ko tambari a jikin hoton. A ba ni WebP a `sRGB`, babban kada ya wuce kilobait 250, ƙaramin 120, a haɗo mini da na asalin da ba a matse ba. A turo ta `Document`. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Yana da kyau a haɗa saƙon da ɗan zane ko da na biro ne: akwati, da'ira a inda kwalba za ta tsaya, layuka a inda kanu zai zauna. A kuma yi magana tun farko cewa hoton na mai kaya ne, za ta iya amfani da shi a shafi da sauran tallanta, don kada gardama ta taso daga baya.

Kafin a biya cikon kuɗi

Ba a karɓar wannan aikin ta kallon hoton shi kaɗai. A ɗora shi a shafin da kanun gaske, ba rubutun gwaji ba. A kwamfuta, a kama gefen tagar burauza a riƙa matse ta a hankali daga faɗi zuwa ƙunci, ana lura da ko akwai inda rubutu ya taɓa kwalba ko murfi ya yanke. Matsala ta fi ɓuya a matsakaicin faɗi, dab da inda hoton waya zai karɓi na kwamfuta. A gwada kanu mafi tsawo da ake tunanin za a taɓa sawa. Sannan a ɗauki waya mai araha, a kashe wayifai, a buɗe shafin da data, a fita da ita rana. A duba ko kanu da maɓalli da kwalba sun bayyana tare ba sai an ja shafin ƙasa ba, a kuma duba ko rubutu yana tsalle lokacin da hoton ya iso, wanda alama ce ta cewa ba a rubuta faɗi da tsawon hoton a cikin shafin ba. Shafin PageSpeed Insights zai nuna daƙiƙa nawa hoton yake ɗauka kafin ya bayyana.

Duk aibin da aka gani a wannan gwajin, a duba takardar oda. Idan an rubuta abin kuma ba a yi ba, gyara na kan mai hoto. Idan ba a rubuta ba, na kan mai kaya ne, kuma sake ɗaukar hoto kuɗi ne sabo. Don haka mai karatu, kafin ka kira mai hoto, zauna ka rubuta kanunka, ka ƙirga haruffansa, ka auna filin da zai ci a kwamfuta da waya, sannan ka ba da oda a rubuce.